Labarin Salmanul Farisi ba tare da nuna fuska ba: tambayoyi da amsoshi

Malaman Islamiyya da matasa masu ɗaukar bidiyo a nan Bauchi suna yawan tambayarmu yadda ake shirya labarin sahabi da murya kawai, a cika allon kallo da rubutun hannu da taswira da kayayyaki, ba tare da wani ya fito a matsayinsa ba. Mun tattara tambayoyin da suka fi dawowa, kuma mun amsa su da misali guda, wato labarin Salmanul Farisi, Allah Ya ƙara masa yarda.

Me ya hana a sa mutum ya fito a matsayin sahabin?

Game da annabawa, manyan majalisun fatawa sun haɗu a kan hana kowa ya fito a matsayinsu. Game da sahabbai akwai saɓani: wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun taƙaita hanin ga manyansu da iyalan gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu mun ɗauki hanyar da ta fitar da mu daga saɓanin. Akwai kuma dalilin tarbiyya. Yaron da ya ga wani saurayi da rawani an ce masa wannan ne Salmanu, da wuya fuskar ta fita daga kansa, ko da gobe ya ga saurayin yana cacar baki a kasuwar Wunti.

Me ya sa Salmanu, ba wani ba?

Saboda labarinsa tafiya ce daga gari zuwa gari, kuma a yawancin zangon ruwayar ta ambaci wani abu da ido zai iya gani. Doguwar ruwayar da Abdullahi ɗan Abbas ya karɓo daga bakin Salmanu, wadda take cikin Sirar Ibn Ishaƙ da Musnadin Imamu Ahmad, ta fara ne daga wani ƙauye mai suna Jayyu a yankin Isfahan. Mahaifinsa shi ne shugaban ƙauyen, shi kuma Salmanu mai kula da wutar Majusawa ne, ba ya barin ta mutu. Ya ji Kiristoci suna ibada a majami'arsu, abin ya shiga ransa, mahaifinsa ya sa masa mari a ƙafa. Ya kwance ya bi ayari zuwa Sham. Daga nan malami ya riƙa miƙa shi ga malami a bakin mutuwa: Mausil, Nasibin, Ammuriyya. Na ƙarshe ya gaya masa cewa lokacin wani Annabi ya gabato, wanda zai yi hijira zuwa ƙasa mai dabino tsakanin filayen baƙin dutse biyu. Fatake daga ƙabilar Kalb suka karɓi shanunsa da tumakinsa a kan za su kai shi ƙasar Larabawa, sai suka sayar da shi bawa a Wadil Ƙura. Daga can wani mutumin Banu Ƙuraiza ya saye shi ya kai shi Yasriba, wato Madina.

Ga wuta, ga mari, ga shanu, ga dabino, duk a cikin nassin. Mai shirya labarin ba ya buƙatar ƙirƙiro komai don ya cika allo.

To in babu fuska, me mai kallo zai yi ta kallo?

Muna raba aikin gida uku. Taswira tana amsa tambayar "a ina", kayayyaki suna amsa "me ya faru", rubutu kuma yana ɗaukar sunaye da ayoyi da maganar da ake so ta zauna a zuciya. Kafin a taɓa kyamara, ana rubuta labarin, a karanta shi da ƙarfi da agogo a hannu, sannan a ja layi a tsakiyar takarda: gefe guda abin da kunne zai ji, ɗaya gefen abin da ido zai gani, da inda aka samo shi a ruwaya. Duk gurbin da aka rasa madogara, a bar wa taswira ko rubutu.

Ga misali da zangon Sham. Ruwayar ta ce limamin Kiristan da Salmanu ya fara zama da shi mutumin banza ne, yana umartar mutane da sadaka yana tara wa kansa, har ya cika tuluna 7 da zinariya da azurfa. Da ya mutu Salmanu ya nuna wa jama'a inda ya ɓoye su. Idan wannan zangon zai ci sakan 70, muna iya ba taswira sakan 15 layin tawada yana tafiya daga gabas zuwa yamma, a ba rubutun kalmar Sham sakan 10, sauran kuma tuluna 7 na ƙasa a jere cikin ɗaki mai duhu, haske yana shigowa kaɗan kaɗan yayin da mai labari yake kaiwa ga tonon asirin. Yara suna ƙirga tulunan da kansu, kuma adadin yana zama a kansu. Malamin da ya gaje shi, wanda Salmanu ya ce bai taɓa son wani abu kamar yadda ya so shi ba, ruwayar ba ta ba shi wani kaya ba, sai yawan ibada dare da rana da gudun duniya. Shi ɗaki fayau muke nunawa da fitilar mai guda. Kada a manta da shi, domin wanda ya nuna tuluna ya tsallake mutanen kirkin da suka biyo baya ya zalunci labarin, ya kuma zalunci maƙwabtanmu Kiristoci da za su iya kallo.

Hannu fa, ko inuwa, ko a nuna mutum ta baya?

Nan ne aka fi zamewa. Inuwar mutum mai rawani a jikin bango mutum ce a idon mai kallo, tana da tsayi da ƙiba da irin tafiya, kuma duk waɗannan siffantawa ne. Haka dunƙulen haske mai siffar mutum. Ba ma amfani da ko ɗaya. Hannun da muke bari ya bayyana shi ne na marubuci, kuma tun a farkon shirin muna nuna shi sarai a matsayin alaramma na yau, zaune a kan buzu da alƙalaminsa, don kowa ya san hannun wane ne. Wannan hannun ba ya ɗaukar mari, ba ya dasa dabino.

Akwai wurin da ya fi kowane wuya. Malamin Ammuriyya ya ba Salmanu alamomi uku: Annabin ba ya cin sadaka, yana cin kyauta, kuma akwai hatimin annabci tsakanin kafaɗunsa. Na farko da na biyu suna da sauƙi. Akushi da abinci a kan tabarma, mai labari ya ce Salmanu ya kawo shi a Ƙuba a matsayin sadaka, Annabi ya ce wa sahabbai su ci, shi bai ci ba. Akushi na biyu a Madina, kyauta, ya ci tare da su. Na ukun ya faru ne a maƙabartar Baƙi'a, wurin wata jana'iza. A nan ba ma nuna komai da ya shafi jiki ko mayafi, ba ma kuma zana wata siffa a ce ita ce hatimin. Allo yana komawa farar takarda, alƙalami yana rubuta salati, murya ita kaɗai take ɗauke da abin da ya faru.

Wa zai yi maganar Salmanu, tunda ruwayar da bakinsa take?

Idan mai labari ya ɗauki "na tafi, na gani" daga farko har ƙarshe, yana rawar murya yana kuka, to an cire fuska an bar wasan kwaikwayo. Muna amfani da murya guda, kuma tana yawan komawa ga "Salmanu ya ce", kamar yadda malami yake yi a zaure idan yana jan hadisi. Maganar Annabi ba a sauya mata murya, ba a sa mata amsa-kuwwa. Ana cewa "Manzon Allah ya ce", a karanta Larabcin yadda yake, a fassara.

Yaya ake zana taswirar?

Da hannu ta fi kyau, a kan babbar takarda, a ɗauke ta daga sama. Amma kafin kyau akwai gaskiya. Kuskure na farko shi ne ɗauko taswirar yau mai iyakokin Iraƙi da Siriya da Turkiyya. A zamanin tafiyar Salmanu, manyan dauloli biyu ne a yankin, Farisa ta Sasaniyawa da Rum, sai ƙasar Larabawa a kudu. Abin da muke zanawa shi ne gaɓar teku, kogunan Dijla da Furat, da garuruwan da ruwayar ta ambata. Bagadaza ba ta shiga, domin sai a shekara ta 762 aka gina ta. Kufa da Basra ma sai a zamanin halifancin Umar.

Sannan sai a san inda kowane gari yake. Mausil tana bakin Dijla a arewacin Iraƙi ta yau. Nasibin ita ce Nusaybin, a kudancin Turkiyya daf da iyakar Siriya. Ammuriyya kango ce yanzu, can cikin yammacin tsakiyar Turkiyya, a lardin Afyonkarahisar, kuma mutane da yawa suna sa ta kusa da Sham saboda ba su duba ba. Wadil Ƙura yana yankin Al-Ula, arewa da Madina. In aka sa su daidai, mai kallo zai ga abin da baki bai faɗa ba: mutumin nan ya yi yamma, ya koma gabas, ya sake nausawa yamma mai nisa, kafin ya gangaro kudu yana bawa.

Abu biyu ke buƙatar taka-tsantsan. Ruwayar ta ce Sham, ba ta ambaci gari ba, don haka ba ma ɗiga alama a kan Dimashƙu ko Ƙudus, muna shafa launi ne a kan yankin gaba ɗaya. Ba ta kuma faɗi hanyar da ayari ya bi ba, shi ya sa layinmu ɗigo-ɗigo ne. Na biyu, asalin garinsa. Doguwar ruwayar ta ce Jayyu ta Isfahan, amma a Sahihul Bukhari Salmanu ya ce shi daga Ramahurmuz yake, wadda ke yankin Khuzistan. Muna sa duka biyun a taswira, mai labari ya faɗi haka cikin jimla ɗaya, ya wuce.

Wane irin rubutu ya dace, namu na allo ko na gabas?

Mu mun fi son namu. Rubutun tsangaya, wanda ya samo asali daga na Magrib, da kaurinsa da baƙar tawadarsa da jan wasali, yana fitowa ƙwarai a allon waya, kuma yaron Bauchi yana ganinsa ya san na gida ne. Sai dai a tuna cewa a wannan rubutun harafin fa ɗigonsa guda ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo guda a sama. Ɗalibin Islamiyya da ya tashi da mus'hafin Hafsu zai iya karanta ƙaf a matsayin fa. Kalmomi irin su Farisi da Ƙuba da Khandaƙ duk abin ya shafe su. Maganinsa shi ne mai labari ya furta kalmar daidai lokacin da alƙalami yake rubuta ta. Kuma idan aya aka rubuta da ƙa'idar Warshu, a karanta ta da Warshu, kada ido ya ga ruwaya ɗaya kunne ya ji wata.

Kada a ce wa mai kallo haka rubutu yake a zamanin Salmanu. Rubutun Larabci na ƙarni na farko, wanda masana ke kira Hijazi, ba shi da wasulan da muka sani, ɗigonsa ma kaɗan ne. Rubutun da ke allonmu hannun mai ba da labari ne na yau.

Wajen ɗauka, alƙalamin gamba da tawadar da ta ji ƙaro sun fi biro da maka nesa ba kusa ba, domin kyamara tana kama sheƙin tawada kafin ta bushe. A lokacin hunturu tana saurin kafewa a bakin alƙalami, sai a rufe kurtun tsakanin ɗauka da ɗauka. A kafa waya a sama, a yi amfani da kyamarar baya, domin ta gaba takan juya hoto, rubutu ya fito a birkice. A gwada takardar tukuna: in gefen harafi ya yi gashi-gashi, takardar tana shan tawada, a sauya ta. Wasu manhajojin haɗa bidiyo kuma suna wargaza Larabcin da aka buga, haruffa su rabu ko su jeru daga hagu. Wanda bai iya karatu ba ba zai lura ba, don haka mahaddaci ya duba kowace aya harafi harafi kafin a saki aikin. Takardun gwaji masu ayoyi a adana su ko a ƙone su cikin girmamawa, kada su shiga shara.

Waɗanne kayayyaki ne suke yawan ɓata aiki?

Dabino ne na farko. Ubangidan Salmanu ya yanka masa fansa da dabino 300 da zai dasa, da uƙiya 40 ta zinariya. Annabi ya ce wa sahabbai su taimaki ɗan'uwansu, wani ya kawo dashe 30, wani 20, wani 15, wani 10, har suka cika. Salmanu ya haƙa ramuka, Annabi ya sa su da hannunsa, kuma Salmanu ya rantse cewa ko ɗaya bai mutu ba. Matsalar ita ce mai ɗaukar hoto ya fita bayan gari ya ɗauko giginya ko goriba. Ganyen giginya da na goriba buɗaɗɗe ne kamar mafici, goriba kuma tana rassa. Na dabino dogo ne mai ƙananan ganye jere a gefe biyu. Sannan abin da aka dasa 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa ne, ba ƙwallo ba. Abin da ya kamata a nuna shi ne jerin ramuka da ɗan dashe a gefen kowanne.

Na biyu kuɗi. Dinari mai rubutun Larabci zalla sai a zamanin Abdulmalik ɗan Marwan aka buga shi, a shekara ta 77 bayan hijira, Salmanu ya daɗe da rasuwa. Kuɗin da ke yawo a zamaninsa na Rum ne da na Farisa, masu hoton sarakuna. Ruwayar ta hutar da mu, domin ta ce abin da aka kawo wa Annabi curin zinariya ne kamar ƙwan kaza, ya ba Salmanu, aka auna ya cika uƙiya 40. Curin tagulla da aka goge da ma'auni mai faranti biyu sun wadatar, kuma maƙeran gari za su yi su. A tulunan Sham ma muna barin sheƙi ya fito daga bakin tulu, ba ma matsawa kusa.

Sai ƙananan abubuwa da ke saɗaɗowa: butar roba a gefen hoto, tabarmar leda, bugaggen mus'hafi, wayar lantarki a bayan bishiya. Mafi yawa shi ne koriyar ƙubbar Madina, wadda ake sawa duk lokacin da aka ambaci garin. An fara gina ƙubba a wurin ne a zamanin sarakunan Mamluk na Masar, a shekara ta 1279, fentin kore kuma sai a ƙarni na 19. Masallacin da Salmanu ya sani na tubalin laka ne, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino.

Yaƙin Khandaƙ fa, yaya ake nuna yaƙi babu mayaƙa?

Bauta ta hana Salmanu halartar Badar da Uhudu. Khandaƙ, a shekara ta 5 bayan hijira, shi ne yaƙinsa na farko, kuma malaman tarihi sun ambata cewa shi ya ba da shawarar haƙa gwalalo, dabarar da Farisawa suka sani. Taswira ce ke yin aikin a nan. A zana Madina, filayen baƙin dutse a gabas da yamma, gonakin dabino da gidaje ta kudu, arewa kuma a buɗe. A sa dutsen Sal'u a bayan Musulmi. Sai alƙalami ya ja layi mai kauri ya toshe arewa. Rundunar taron dangi kimanin 10,000 ce, Musulmi kimanin 3,000, don haka ɗigo 10 na tawada a ƙetaren layi da ɗigo 3 a ciki sun isa su nuna bambancin. A ƙara da diga da kwandon kwasar ƙasa, da ƙarar iska lokacin da ake karanta aya ta 9 ta Suratul Ahzab.

Duk abin da ake faɗa a kan Salmanu ne ake sawa?

A'a. Abin da aka rubuta da kyakkyawan hannu ya cika allo, mai kallo yana ɗaukarsa tabbatacce, don haka muna tace abin da ke hawa takarda fiye da abin da baki ke faɗa. Zancen cewa ya rayu shekara 250 ko 350 ya shahara, amma Imamu Zahabi ya dawo daga rakiyarsa, ya ce ba ya ganin ya kai 100. Maganar nan ta cewa Salmanu yana cikin iyalan gida ita ma malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta zuwa ga Annabi. In za a ambace ta, a faɗi hakan.

Wanda muke rubutawa da babban alƙalami shi ne hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim: da aka saukar da Suratul Jumu'a aka tambayi Annabi su wane ne "waɗansu daga cikinsu da ba su riske su ba tukuna", sai ya ɗora hannunsa a kan Salmanu ya ce da imani yana wurin Surayya, da wasu mazaje daga cikin waɗannan sun kai gare shi. Surayya ita ce taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta, ana ganinsu da daddare a lokacin sanyi idan ƙura ta lafa. Waya ba ta cika kama su ba, sai a ɗiga su da farin launi a kan baƙar takarda.

A ina ya kamata labarin ya tsaya?

Yawancin masu shiryawa suna tsayawa a Khandaƙ, amma akwai sauran zango guda. Bayan an ci Farisa da yaƙi, Salmanu ya zama gwamnan Mada'in, tsohuwar fadar Kisra, sarkin Farisa, a bakin Dijla, kudu maso gabas da inda Bagadaza take yau. An ruwaito cewa yana sadakar da albashinsa, yana saƙa ganyen dabino ya sayar ya ci daga aikin hannunsa. A can ya rasu, a wajajen ƙarshen halifancin Usman, kuma wurin ana kiransa Salman Pak har yau. Don wannan zangon a nemi mai saƙa ya yi kwando da ganyen dabino, ba da kabar goriba ba, a ajiye shi rabinsa a saƙe, a ɗauke shi babu hannu a kai. A taswira kuma layin da ya tashi daga Madina zuwa Mada'in shi ma ɗigo-ɗigo ne, kuma shekarar rasuwar ba a rubuta ta da lamba guda, tunda malaman tarihi sun saɓa a kanta.